Yadda Ake Gano Manhajar Ƙari da Ke Lalata Shafi ko Hana Shiga

Ayyuka da yawa waɗanda a dā sai mutum ya je ofis ya bi layi, yanzu ta intanet ake yinsu. Rajistar jarrabawar JAMB, neman fasfo, biyan kuɗin gwamnati ta Remita, duba albashi a banki, duka sai an buɗe shafi, an rubuta suna da kalmar sirri, an danna maɓallin shiga. To, sau da yawa mutum yakan danna maɓallin ya ga ko motsi bai yi ba, ko kuwa ya tarar da shafin a hargitse, rubutu ya hau kan rubutu, gurbin da ya kamata ya cika ya ɓace. Nan da nan sai a ɗora wa hukumar da ke da shafin laifi, ko a ce sabis ne babu. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akwai lokacin da shafin lafiyarsa ƙalau, sabis ma yana nan, ɓarnar kuwa daga cikin kwamfutar mai ita ta taso. Wannan darasi ya shafi irin wannan ɓarna ce, da hanyar gano mai yinta.

Mece ce manhajar ƙari?

Manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge, ita ake kira burauza. Ana iya liƙa wa burauza waɗansu ƙananan manhajoji don su ƙara mata wani aiki da ba ta zo da shi ba. Su ne manhajojin ƙari, kuma a allo sunansu Extensions. Wata aikinta toshe talla, wata mai da farin shafi baƙi don ido ya huta, wata gyara kuskuren Turanci, wata fassara, wata kuma ajiye kalmomin sirri ta cika su da kanta.

Abin lura shi ne yadda suke aikin. Shafi ba hoto guda ba ne da ake aiko shi a gama. Guntu-guntu yake zuwa: rubutu daban, fayil ɗin da ke tsara launi da wurin zaman kowane abu daban, umarnin da ke sa maɓalli ya yi aiki idan an danna shi daban. Burauza ce ke harhaɗa su. Manhajar ƙari kuwa tana zaune a tsakani, tana iya hana wani guntu isowa, tana iya ɓoye wani bayan ya iso, tana kuma iya cusa nata a ciki. Da yawansu, ranar da aka sa su, sun nemi izini da wannan jimla: "Read and change all your data on all websites", watau izinin karantawa da canja duk abin da ke cikin kowane shafi. Mai kwamfuta ya amince, ya manta. Saboda haka idan irin wannan manhaja ta yi kuskure, a jikin shafin ake ganin kuskuren, ita kuwa tana gefe ba wanda ya tuna da ita.

Masu toshe talla sun fi shiga wannan matsala, ba don mugunta ba, sai don yanayin aikinsu. Ba sa gane talla da ido. Jerin dokoki suke bi, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne EasyList, kuma dokokin suna duba sunan da maginin shafi ya laƙaba wa kowane sashe. Ga irin dokar:

```
##.ad-box
```

Ma'anarta, a ɓoye duk sashen da aka laƙaba wa `ad-box` a kowane shafi. Idan maginin wani shafi ya yi rashin sa'ar laƙaba wannan suna ga akwatin da fom yake ciki, to fom ɗin ya tafi tare da tallace-tallacen duniya, sai fili ya rage. Haka nan akwai jerin da ke ɓoye maɓallan dandalin sada zumunta, wanda kan iya haɗawa har da maɓallin shiga da asusun Google ko Facebook. Akwai kuma wanda ke ɓoye sanarwar nan ta neman yarda da kukis. Wani lokaci yakan ɓoye sanarwar amma ya bar kullen da ta sa wa shafi, sai mutum ya ga komai a fili, amma shafin ya ƙi gangarawa, maɓalli ya ƙi dannuwa.

Sauran ma suna da nasu. Mai juya launi takan mai da rubutun maɓalli launi ɗaya da jikinsa, sai ya zama kamar babu shi. Mai ajiye kalmar sirri takan cika gurbi ta hanyar da shafin bai gane an cika ba, sai maɓallin ya zauna a dushe yana jiran a rubuta wani abu.

Tambayar da aka fi yi ita ce, yaya aka yi jiya ya yi aiki yau ya ƙi, alhali ba a taɓa komai ba? Amsa ita ce manhajojin ƙari suna sabunta kansu ba tare da sanarwa ba, jerin dokokinsu ma haka, masu shafi su ma suna yin gyara. Kowane ɗaya daga cikin ukun ya canja cikin dare, ana iya wayar gari da saɓani.

Gwajin farko: ƙari ne ko ba ƙari ba?

Kafin a shiga neman mai laifi, lalle ne a tabbatar laifin na manhajar ƙari ne, kada a ɓata rabin yini a banza. Hanya mafi sauri ita ce a buɗe shafin a tagar sirri. A Chrome da Edge ana danna `Ctrl+Shift+N`, a Firefox `Ctrl+Shift+P`. Bisa ƙa'ida manhajojin ƙari ba sa aiki a wannan taga sai wadda mai kwamfuta ya ba izini na musamman, watau ya kunna mata Allow in Incognito a Chrome, ko Run in Private Windows a Firefox. Idan shafin ya daidaita a nan, maɓallin ya yi aiki, to an samu alama.

Alama ce kawai, ba hujja ba. Tagar sirri abu biyu take yi lokaci guda: tana ajiye manhajojin ƙari gefe, tana kuma fara hulɗa da shafin ba tare da tsofaffin kukis ba, watau 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a kwamfuta don ya gane mai zuwa. Gurɓataccen kukis shi kaɗai yana iya hana shiga. Don a raba biyun, sai a koma taga ta kullum, a kashe manhajojin ƙari gaba ɗaya, a sake gwadawa. Idan ya yi aiki, ƙari ne. Idan ya ƙi, alhali ya yi a tagar sirri, to a koma kan kukis da ajiyar wannan shafi a goge su, a bar manhajojin ƙari su sha iska.

Ana isa wurin da suke ta rubuta ɗaya daga cikin waɗannan a gurbin adireshi, na farko a Chrome, na biyu a Edge, na uku a Firefox:

```
chrome://extensions
edge://extensions
about:addons
```

Kowace manhaja tana da ɗan makunni a gefenta. Shi za a taɓa. Kada a danna Remove a wannan mataki, gama cirewa takan tafi da duk tsarin da mutum ya daɗe yana yi wa manhajar, kashewa kuwa tana barin komai yadda yake har a sake kunnawa. Masu Firefox suna da gajeriyar hanya a ƙarƙashin Help mai suna Troubleshoot Mode, wadda ke sake buɗe burauza da dukan ƙari a kashe. Sai dai ita ma tana kashe waɗansu abubuwa bayan ƙari, saboda haka hukuncinta daidai yake da na tagar sirri.

Kashewa ɗaya bayan ɗaya

Idan an tabbatar ƙari ne, sai a mai da su duka a kunne, a ɗauki takarda da biro a rubuta sunayensu a jere. Wannan ba wasa ba ne. Wanda ke da manhajoji goma, kafin ya kai ta shida ya manta wadda ya gwada. Wanda kuma yake dogara da manhajar ajiye kalmar sirri, ya tabbatar yana da kalmar a kansa kafin ya kashe ta.

Aikin kansa matakai uku ne da ake maimaitawa: a kashe manhaja ɗaya, a sabunta shafin, a gwada abin da ya ƙi. Mataki na tsakiya shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi yana rushe gwajin baki ɗaya. Dalili shi ne manhajar ta riga ta yi aikinta tun lokacin da shafin ke buɗewa. Fayil ɗin da ta hana isowa ba zai zo da kansa ba don an kashe ta, abin da ta cusa a shafi kuma yana iya zama a wurin. Sai an sake kiran shafin daga farko. Danna `Ctrl+Shift+R` ya fi `F5`, domin yana sa burauza ta sake ɗauko fayilolin maimakon ta yi amfani da waɗanda ta ajiye. Idan shafin yana da taurin kai, a rufe shi a sake buɗewa.

Gwajin kuma ya zama iri ɗaya kowane karo: shafi ɗaya, maɓalli ɗaya. Kada a gwada shafin shiga a karo na farko, shafin biyan kuɗi a karo na biyu. A nan akwai gargaɗi. Maɓallin biyan kuɗi ba abin gwaji ba ne, domin yana iya nuna kamar bai yi komai ba alhali an cire kuɗin. Haka nan shafuka da yawa, musamman na banki, suna kulle asusu bayan an yi kuskuren kalmar sirri 'yan lokuta, don haka a riƙa rubuta ta a tsanake.

Sai babbar ƙa'ida: wadda aka kashe a bar ta a kashe, a wuce ta gaba. Mutane da yawa sukan kashe ta farko, su ga babu canji, su kunna ta, su kashe ta biyu. Wannan yana aiki ne kawai idan mai laifi guda ce. Misali zai nuna inda yake gazawa.

A ɗauka wani akawu ne yake son shiga shafin da ake duba bayanan fansho. Ya rubuta suna da kalmar sirri, ya danna maɓallin shiga, shiru. Ba saƙon kuskure, ba juyi. Ya gwada a tagar sirri ya shiga. Ya koma taga ta kullum ya kashe komai, nan ma ya shiga, watau ba kukis ba ne. Manhajojinsa shida ne, ya jera su haka: ta 1 mai toshe talla, ta 2 mai juya launi, ta 3 mai gyaran Turanci, ta 4 mai hana shafuka bin diddigi, ta 5 mai fassara, ta 6 mai ajiye kalmar sirri. Ya kunna su duka, ya fita daga asusun, ya tabbatar matsalar ta dawo.

Ya kashe ta 1, ya sabunta, maɓalli bai motsa ba. Ya bar ta a kashe, ya kashe ta 2, haka nan. Ta 3 ma haka. Da ya kashe ta 4 ya sabunta, sai ga shi ya shiga. A nan abu biyu sun tabbata. Ta 4 tana da hannu, domin kashe ta ne ya kawo canji. Ta 5 da ta 6 kuwa sun kuɓuta, tun da suna kunne shafin ya yi aiki. Waɗanda ba a san matsayinsu ba su ne ukun farko, gama an gwada su ne a lokacin da ta 4 ke kunne tana rufe duk wani sakamako.

Saboda haka bai tsaya ba. Ya bar ta 4 a kashe, ya kunna ta 3, ya fita, ya sabunta, ya shiga lafiya. Ya ƙara da ta 2, lafiya. Da ya kunna ta 1, maɓalli ya sake mutuwa. Ashe masu laifi biyu ne, mai toshe talla da mai hana bin diddigi, kowace ita kaɗai ta isa ta hana shiga. Gwaji bakwai ke nan, huɗu na kashewa, uku na kunnawa. Da ya bi hanyar nan ta kashe ɗaya ya mai da ita, da ya gwada duka shidan bai ga canji ko sau ɗaya ba, domin duk lokacin da ɗaya daga cikin biyun ke kashe ɗayar tana kunne. Da kuma ya tashi da yaƙinin cewa ba ƙari ba ne.

Me ya haɗa biyun? Irin wannan yakan faru ne idan maginin shafi ya sa maɓallin shiga ya fara kiran wani fayil na ƙididdigar baƙi kafin ya aika da suna da kalmar sirri. Duka manhajojin biyu suna ɗaukar wannan fayil a matsayin mai bin diddigi, suna hana shi isowa. Maɓalli ya kira, bai samu amsa ba, ya tsaya a nan. A gaskiya rabin laifin na maginin ne, don bai kamata a rataya shiga asusu a wuyan ƙididdiga ba. Amma akawun ba shi da ikon gyara shafin, kwamfutarsa kaɗai ke hannunsa.

Wanda manhajojinsa suka yi yawa yana iya rage wahala ta raba su biyu. Idan 16 ne, ya kashe 8 lokaci guda ya gwada. Idan shafi ya gyaru, mai laifi tana cikin waɗanda aka kashe, idan bai gyaru ba tana cikin waɗanda ke kunne. Sai ya raba rukunin da ake zargi zuwa 4, sannan 2, sannan 1, gwaji huɗu maimakon har 16. A nan ma rukunin da aka kashe ba a ga canji ba a bar shi a kashe, sai an kama ta farko a dawo a kunna shi kaɗan-kaɗan. Ga mai manhajoji biyar ko shida dai, bi ɗaya-ɗaya ya fi sauƙin riƙewa a ka.

Abin da burauza ke faɗa da kanta

Akwai wata taga da burauza ke rubuta kurakuran shafi a ciki. A kwamfuta ana buɗe ta da `F12`, a zaɓi Console, sannan a sabunta shafin. A Chrome, idan an ga jan layi kamar wannan:

```
Failed to load resource: net::ERR_BLOCKED_BY_CLIENT
```

to ma'anarsa fayil ɗin ba a hanya ya ɓace ba, daga ɓangaren mai kwamfuta aka hana shi. Wannan yana nuna a fara zargin masu toshewa. Layin ba ya faɗin sunan manhajar, kuma yakan fito ko a shafin da ke aiki lafiya, tun da toshe talla shi ne aikin da aka sa ta. Amma idan kuskuren ya zo da adireshin da ya fara da `chrome-extension://` sai haruffa 32 a bayansa, waɗannan haruffa lambar shaidar manhajar ce. A kunna Developer mode a shafin `chrome://extensions`, lambar kowace za ta bayyana a ƙarƙashin sunanta, sai a kwatanta. Ko an samu wadda ta dace, a kashe ta a gwada tukuna kafin a yanke mata hukunci. A kula kuma, kada a liƙa wani umarni a wannan taga don wani ya ce a yi, gama 'yan damfara suna satar asusu ta nan.

Bayan an kama ta

Ba dole ne a rabu da manhajar ba. Yawancin masu toshe talla da masu juya launi suna da hanyar keɓe shafi guda. A uBlock Origin, alal misali, ana danna tambarinta yayin da ake kan shafin, a danna babban maɓallin kunnawa, sai ta daina aiki a wannan shafi kaɗai ta ci gaba a sauran. Chrome ma yana da nasa tsari a ƙarƙashin Details na kowace manhaja, mai suna Site access, inda ake zaɓar On click don kada ta taɓa shafi sai an danna ta, ko On specific sites don a iyakance ta ga shafukan da aka lissafa. Wannan yana da amfani ga masu fassara da masu gyaran rubutu. Ga masu toshewa kuwa maɓallin manhajar kanta ya fi tabbas, domin waɗansunsu suna iya ci gaba da hana fayil isowa ko an rage musu wannan izini. Akawun nan na misali sai ya keɓe shafin fansho a cikin duka biyun. Keɓewa a ɗaya ba za ta wadatar ba.

Wanda ke yawan aikin banki ko na gwamnati ya fi masa sauƙi ya buɗe bayanin mai amfani na biyu a burauza, abin da allo ke kira Profile, ya bar shi babu ƙari ko ɗaya, ya keɓe shi ga irin waɗannan ayyuka. Wannan shawara ta fi shafar masu shagunan kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajista, inda hannu da yawa ke taɓa na'ura ɗaya, kowa yana sa abin da ya ga dama.

Idan a cikin jerin aka ga manhajar da ba wanda ya tuna ya sa ta, wannan dabam ce. Ita cire ta ake yi, a kuma canja kalmomin sirrin da aka rubuta a wannan burauza, tun da tana iya karanta su. Idan makunninta ya ƙi taɓuwa, kuma burauza tana nuna Managed by your organization, to a kwamfutar ofis wannan yana nufin sashen kula da na'urori ne ya sa ta, sai a kai musu rahoto da sunan manhajar da adireshin shafin da sakamakon gwajin. A kwamfutar gida kuwa, wadda ba ta ƙarƙashin kowane ofis, wannan rubutu yana iya zama alamar muguwar manhaja, wani lokaci kuma manhajar rigakafin ƙwayoyin cuta ce ta jawo shi. Shafin `chrome://policy` yana nuna dokokin da aka ɗora.

Masu amfani da waya su lura cewa Chrome na Android ba ya ɗaukar manhajojin ƙari ko kaɗan, saboda haka idan shafi ya lalace a can, wani dalilin ne. Firefox na Android yana ɗauka, haka Safari na iPhone tun daga iOS 15 a 1443 Hijira, watau 2021, kuma hanyar gwajin ɗaya ce. Wannan ma wata dabara ce mai sauƙi: idan shafi ya ƙi a kwamfuta ya kuma ƙi a Chrome na waya, da wuya a ce ƙari ne.

Idan kuwa an kashe komai, an goge kukis, maɓallin bai motsa ba, sai a duba kariyar da burauza ta zo da ita, kamar garkuwar da ke gefen adireshi a Firefox, wadda ita ma take toshe masu bin diddigi kuma ana iya kashe ta ga shafi guda. A danna `Ctrl+0` don girman shafi ya koma daidai, domin shafin da aka ƙara wa girma yakan tura maɓalli bayan allo. A duba agogo da kwanan watan kwamfutar. Bayan wannan sai a gwada wata burauza a wata na'ura, idan can ma ya ƙi, a sanar da masu shafin, a faɗa musu sunan burauza da lokacin da aka gwada da kuma cewa an gwada ba tare da manhajar ƙari ba.